Maɓallin "Download" na gaskiya da na bogi

Aikina yana sa ni yawan sauke bidiyon darussa da laccoci, kuma na daɗe ina amfani da shafukan nan da ake liƙa musu adireshin bidiyo su mayar da shi fayil. Yawanci dannawar farko ba ta sauke komai. Wani shafin daban ne yake buɗewa, ko na caca, ko na wata manhajar "wanke waya". Na koma binciken abin a kwamfuta, ina zagaya linzami a kan shafin ina kallon adireshin da ke fitowa a ƙasan burauza, sai na ga inda gizo ke saƙar. An shimfiɗa wani mayafi marar launi a kan shafin gaba ɗaya, duk inda ka danna shi ka taɓa.

Dalilin wannan dabara shi ne burauza ba ta barin shafi ya buɗe sabuwar taga haka kawai, sai in mutum ne ya danna wani abu da hannunsa. To su kuma sai su saci dannawarka ta farko su buɗe talla da ita. Wani lokaci ma tallar a bayan shafin da kake kai take buɗewa, ba za ka gan ta ba sai ka gama ka rufe, ka rasa daga ina ta ɓullo.

Me ya sa suke wannan naci? Kuɗi. Irin wannan shafi yana jawo bidiyo, ya sauya masa siga, ya turo maka, duk a kan manyan kwamfutocin da ake haya, kuma kai ba ka biya ko sisi ba. Ga shi manyan dillalan talla ba sa hulɗa da su, domin ƙa'idar Google AdSense ta hana sa talla a shafin da ke taimaka wa mutane sauke abin da mai shi bai ba da izini ba. Saboda haka sai su faɗa hannun ƙananan dillalai marasa tsananta bincike. Waɗannan suna biya ne a kan kowace buɗewa dubu ɗaya, wasu kuma a kan kowane mutum da ya girka manhaja. Abin da ake samu a kan mutum ɗaya ɗan mitsitsi ne, shi ya sa ake tatsar kowane baƙo sau da yawa. Mai shafin ma sau tari bai san wace talla aka nuna maka ba, gwanjon gurbin ake yi nan take, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Don haka shafin da jiya ya nuna maka tallar takalmi yau zai iya nuna maka tarko.

Bari in kawo wata saukewa da na yi a wayar Android. Lacca ce ta kusan minti 40. Da na liƙa adireshin sai maɓallai biyu suka bayyana: wani ƙato kore yana walƙiya an rubuta "Download Now", da wani ƙarami a cikin jeri, kusa da "720p" da "MP4" da girman fayil. Ƙaramin shi ne na gaskiya, domin ya san abin da na zo nema. Ƙaton bai ambaci sunan bidiyon ba, bai faɗi girmansa ba, hoto ne kawai da ake liƙawa a shafuka barkatai. Na ɗora yatsa a kansa na riƙe, sai wayar ta nuna adireshin da zai kai ni, wanda ba shi da alaƙa da shafin da nake ciki.

Da gangan na bi shi don in ga ƙarshensa. Ya wuce da ni ta adireshi bayan adireshi, ya dire a wani shafi mai jan launi, wayar tana ɓari, an rubuta wai an gano bairos a cikinta, ga agogo yana ƙirgawa baya. Har da sunan samfurin wayata, kuma wannan ne ke tsorata mutane. Amma bayanin nau'in na'ura abu ne da shafi ke iya samu daga burauza cikin sauƙi. Shafin intanet ba shi da ikon leƙa fayilolin wayarka, balle ya ce ya ƙirga cututtukan da ke ciki. Duk gargaɗin da shafin intanet ya nuna cewa ya binciki wayarka ya gano bairos ƙarya ne, ko tambarin wane kamfani aka manna masa. Adireshinsa kuwa mai irin wannan fasali ne:

```
google.com.tsaro-waya.example/scan
```

Ana karanta adireshi ne daga alamar / ta farko a dawo baya, ban da waɗanda ke cikin https://. Guntaye biyun da ke gabanta, ko uku a adireshi irin mai `.com.ng`, su ne sunan mai gidan, a nan `tsaro-waya.example`, duk abin da ke hagu da su ado ne da kowa zai iya rubutawa. Ganin https ma ba shaidar gaskiya ba ne, yana nufin an rufa wa saƙo asiri a hanya ne kawai, kuma 'yan damfara ma suna da shi.

Da na danna maɓallin "gyarawa", sai wani fayil ya fara sauka, girmansa bai kai megabait 5 ba, sunansa ya ƙare da `.apk`. Bidiyon minti 40 a 720p yakan haura megabait 100, kuma da `.mp4` ko `.webm` yake ƙarewa. Fayil mai `.apk` manhaja ce, kamar yadda `.exe` da `.msi` suke a Windows. Na goge shi ban buɗe ba. A kwamfuta abin ya fi rikitarwa, domin Windows kan ɓoye wutsiyar suna, sai `lacca.mp4.exe` ya bayyana a matsayin `lacca.mp4`. Tun daga nan na kunna "File name extensions" a File Explorer na bar shi haka.

Tarkon da na fi gani yana kama mutane bai ma da ban tsoro. Shafi zai ce ka danna "Allow" don ka tabbatar kai ba mutum-mutumi ba ne. Alhali wannan "Allow" ɗin izinin turo sanarwa ne. Ka ba shi, daga nan wayarka ta shiga kawo saƙonnin "ka ci kyauta" ko "wayarka ta kamu" ko da ka rufe shafin, mutum ya ɗauka wayar ce ta lalace har ya fara tunanin goge komai. Maganin ɗan kaɗan ne. A Chrome na waya ka shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications, ka toshe duk sunan da ba ka gane ba. A kwamfuta kuwa ka rubuta wannan a gurbin adireshi:

```
chrome://settings/content/notifications
```

Akwai wani salo mafi muni da ya yaɗu tun 2024. Shi ma da sunan tantancewa yake zuwa, ya ce a kwamfutar Windows ka danna Win+R, sannan Ctrl+V, sannan Enter. Shafin ya riga ya kwafa wani umarni a ɓoye, kai kuma da hannunka za ka liƙa shi ka zartar, ya jawo manhajar da ke kwashe kalmomin sirri da ke ajiye a burauza. Babu tantancewar gaskiya da ke sa mutum ya liƙa umarni ya zartar a kwamfutarsa.

Yanzu ba na ɓata lokaci wajen duba kyan talla ko muninta, domin na bogi sun iya kwaikwayo. Abin da take nema a wurina nake dubawa. Sauke bidiyo ba ya buƙatar lambar wayata, wadda galibi rajistar wani tsari mai cin kati ake yi da ita. Ba ya buƙatar katin banki, ko in kunna "Install unknown apps", ko in sabunta wata manhajar kallo. Idan taga ta fito, ba na taɓa alamar X da ke jikinta, don sau da yawa ita ma cikin tallar take, shafin nake rufewa ɗungurungum daga jerin shafukan burauza. Idan kuma bidiyon yana da hanyar saukewa a manhajarsa ta asali, kamar yadda YouTube ke bari a wasu bidiyoyin, can nake fara dubawa.