Yadda na wayi gari ba ni da kowa sai shi

Ni dai ban gane ba sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, na ɗauki waya in kira wadda za ta riƙe min yarinya, na yi ta duba lambobi sama da ƙasa, wallahi babu mace ɗaya a duk Marwa da zan kira ban ji kunya ba. Shekara biyu kenan da aure, ni da a da gidanmu na Domayo ba ya rabuwa da ƙawaye.

Kuma fa mijina bai taɓa cewa kar ki je ba, abin da ya rikita ni kenan. Aminiyata ya fara da ita, wai idonta ya buɗe da yawa. In na je suna sai in dawo in tarar ya ɗaure fuska, kwana uku ba magana, abinci ma ya ture, har na fara lissafi da kaina cewa fitar awa biyu ba ta kai wahalar kwana uku ba. Adashin da nake zubi jaka biyu duk sati ya ce in bari, me na rasa? Sai ya karɓi lambar buɗe wayata, wai tsakanin miji da mata babu sirri, amma tasa ko taɓawa ba na yi. Ni kuma ina ta cewa so ne, kishi ne.

Masu cewa ai kulle ne, a'a. Innata a kulle ta yi zamanta amma gidan cike yake da mata, 'yan uwa na shiga suna fita, tana sana'arta kuɗinta na hannunta. Ni abin da na lura da shi, duk wanda zan iya kai wa kuka shi ake nema wa laifi, kuma duk ranar da na ce a'a, ko a kan ƙaramin abu ne, sai na biya.

Kuskurena na farko, na tare shi da maganar gaba da gaba cewa ya raba ni da mutane. Ya ƙwace wayar kwana goma sha biyu, kuma ranar ya fara riƙe min hannu har ya yi shati. Daga nan na daina gardama na koma yin abuna a hankali.

Mutum ɗaya na nema, goggona, don ita ba ya iya hana ta shigowa. Ranar rigakafin yarinya muka haɗu a asibiti, na faɗa mata komai ina kuka. Na zaci za ta ce in yi haƙuri kamar kowa, sai ta ce, “'Yar nan, me kike so in yi miki?” Muka yanke cewa duk Juma'a za ta leƙo, in kuma na kira na ce “Goggo ki aiko min da kuka” to ta taho da kawu nan take, kar ta tambayi komai. Lambarta na haddace ta a ka, da 117 ta 'yan sanda. Katin ɗan ƙasata da takardar haihuwar yarinya da ta aure duk na yi musu fotokofi na bar mata, da ɗan canjin cefane, ɗari biyu yau ɗari biyar gobe.

Waya kuwa, a WhatsApp akwai wurin da aka rubuta Appareils connectés, can na ga ashe ya haɗa nawa da kwamfutarsa yana karanta komai. Hannuna har ya kai zan cire, sai na fasa, don da na cire zai san na gane. Na bar shi yana karanta gaisuwa da hotunan atamfa, maganar gaske kuma baki da baki.

Goggo ce ta raka ni ALVF, ƙungiyar nan mai yaƙi da cin zarafin mata wadda Aissa Doumara tana cikin waɗanda suka kafa reshenta a nan, Aissar ce aka ba kyautar Simone Veil a 2019. Na shiga ina ɗari-ɗari don na zaci za a ce in kashe aurena. Abin da na fito da shi daban ne, cewa lokacin da mace ta ce za ta tafi shi ne mafi haɗari, don haka ba a yin barazanar tafiya, kuma in ya taɓa shaƙe ki a wuya ko ya ce zai kashe ki to maganar a hankali ta ƙare, ki fita zuwa inda mutane suke.

Har yanzu ina gidan, ban yanke komai ba, kawu ya ce zai zauna da manyansa amma na ce ya dakata sai ranar da nake gidan goggo. Satin da ya wuce na aika wa aminiyata saƙo da wayar goggo, na yi ta goge-goge ina neman yadda zan ba ta haƙuri, ƙarshe sallama kawai na rubuta. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira, wai “Ke, ina kika shiga?”