Ranar da gishirin Epsom ya ba ni 1.21 maimakon 2

Lambar da na samu a matsayin i na van 't Hoff, mai nuna ƙwayoyi nawa gishiri yake aiki kamar ya ba da idan ya narke, ita ce 1.21, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna jan biron da aka zana a kanta. Mai duba aikinmu a ɗakin gwaji ya rubuta a gefe cewa MgSO₄, wato gishirin Epsom, yana rabuwa zuwa ayon biyu, wato ƙwayoyi biyu masu caji, saboda haka dole amsar ta zama 2 ko kusa da haka, in je in sake. Na sake, na kuma sakewa, lambar ta ƙi motsawa daga wajen 1.2.

Aikin da aka ba mu shi ne mu narkar da sukari, NaCl da MgSO₄, kowanne mol 0.100 a kilo ɗaya na ruwa, mu auna yadda kowanne ya saukar da ma'aunin daskarewar ruwa, sannan mu ciro i daga wannan lissafi:

```
ΔT = i × Kf × m
```

ΔT shi ne saukar da aka auna, m yawan mol a kilo ɗaya na ruwa, Kf kuwa tsayayyiyar lamba ce, ta ruwa 1.86 ce. Sukari bai ba da wahala ba, ya daskare a wajen −0.19 °C, wato i ɗinsa 1. NaCl ya ba ni kusan −0.35 °C, i ya fito 1.87, ba wanda ya ce uffan domin ya yi kusa da 2. MgSO₄ kuwa, da ya kamata a takarda ya kai −0.372 °C, sai ya tsaya a wajen −0.225 °C. Ka raba 0.225 da 0.186, ka ga 1.21 ɗin da ta jawo mini jan biro.

Da aka ce in sake, abin da na fara zargi shi ne ruwan da ke cikin gishirin kansa. Gishirin Epsom da ke cikin kwalba MgSO₄·7H₂O ne, nauyin mol ɗinsa giram 246.5, alhali busasshen MgSO₄ giram 120.4 ne. Wanda ya auna giram 1.20 daga kwalbar don giram 100 na ruwa yana zaton busasshe ne, rabin abin da yake nema kawai ya zuba, kuma saukar da zai gani ba za ta wuce wajen 0.12 ba. Na duba littafina, giram 2.46 na auna, na kuma rage ruwan zuwa giram 98.7 saboda giram 1.26 na ruwa da ke tafe a jikin gishirin. Nan babu matsala.

Sai na koma kan daskarewar. Ruwa yakan zarce ma'auninsa ya yi ƙasa bai daskare ba, sai ƙanƙara ta fara fitowa kwatsam, ma'aunin zafi ya yi tsalle ya dawo sama. Lambar da ake so ita ce ta daidai fitowar ƙanƙarar farko, domin tsantsar ruwa ne ke daskarewa, abin da ya rage kuma yana ƙara kauri, ma'aunin ya ci gaba da sauka a hankali. Amma duk wannan kuskuren, idan ya faru, ƙara girman ΔT yake yi. Ni kuma ƙarama na samu. Da mai duba aikin ya tsaya ya yi wannan tunanin na minti ɗaya, da bai mayar da ni ba.

Abin da na gano bayan na bi teburorin da masana suka auna shi ne 1.21 ita ce amsar. A kaurin mol 0.1 a kilo ana samun 1.21, a 0.01 ana samun 1.53, a 0.001 kuma 1.82. NaCl ma haka yake hawa, daga 1.87 zuwa 1.94 zuwa 1.97. Lambar 2 da muka haddace iyaka ce da ake dosa yayin da ake ta sirka ruwan, ba a taɓa ta a kaurin da muke aiki da shi. Dalilin kuwa caji ne. Mg²⁺ da SO₄²⁻ kowanne caji biyu gare shi, don haka jan da ke tsakaninsu ya ninka na Na⁺ da Cl⁻ sau huɗu a tazara ɗaya. Kowane ayon yana tara masu kishiyar caji a kewayensa, abin da Debye da Hückel suka bayyana a 1923, wasu kuma sukan manne su yi ta yawo bibbiyu na ɗan lokaci, kamar yadda Bjerrum ya nuna a 1926. Ruwa ba ya karanta sunan gishiri. Abin da yake ji shi ne yawan ƙwayoyin da ke yawo da 'yancin kansu, biyun da suka manne kuwa ɗaya yake lissafa su.

A nan ne na ga illar kiran i ma'aunin rabuwa. Akwai lissafin da ake koya mana tun daga ra'ayin Arrhenius na 1887:

```
α = (i − 1) / (n − 1)
```

A nan α shi ne kason da ya rabu, n kuma yawan ayon da gishirin ke bayarwa. Idan ka saka 1.87 a ciki, zai ce maka kashi 87 cikin ɗari na NaCl ne ya rabu, sauran 13 suna nan a haɗe. Ba haka ba ne, NaCl a wannan kauri ya rabu kusan gaba ɗaya, jan caji ne ya rage tasirinsa. Idan ka saka 1.21, zai ce kashi 79 na MgSO₄ bai rabu ba, alhali masu mannewa bibbiyu ba su kai haka ba, ragowar giɓin na jan caji ne. Wannan lissafi yana da amfani a kan mai raunin rabuwa irin CH₃COOH, sinadarin tsamin finiga, wanda a 0.1 kusan kashi 1.3 kawai yake rabuwa, i ɗinsa wajen 1.01, kuma ayon sun yi ƙaranci da nisa da juna har jan cajin bai taka kara ya karya ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin baho ɗin da muke sanyaya gwajin a ciki. Ƙanƙara da gishiri suna iya sauka har −21.1 °C, a inda gishirin ya kai kashi 23.3 na nauyi, wato kusan mol 5.2 a kilo. Ka raba 21.1 da 1.86 × 5.2, sai ka samu wajen 2.2. Gishiri mai ayon biyu ya ba da fiye da 2, kuma babu abin da zai rabu fiye da ɗari bisa ɗari. A wannan kauri ayon sun riƙe ruwa mai yawa a jikinsu, ruwan da ya rage sake ya yi kaɗan, lissafin nan mai sauƙi kuma ya daina aiki yadda aka gina shi. Ashe i na van 't Hoff abin da ka auna ne a raba da abin da sukari zai bayar a lissafi, ba wani abu ba. Ana auna shi ne, ba a ƙirga shi daga sunan gishiri.

An ce mana mu tabbatar da amsar ta hanyar tafasa, kuma shawarata ga duk wanda aka ba wannan aiki ita ce kada ya dogara da ita. Kb na ruwa, takwaran Kf a wajen tafasa, 0.512 ne kacal, saboda haka NaCl na 0.1 zai ɗaga tafasa da kusan 0.096 °C, MgSO₄ kuma da wajen 0.06. Ɗan sauyin matsin iska tsakanin safe da yamma ya isa ya haɗiye wannan bambanci, ga ruwa yana fita tururi kaurin yana ƙaruwa tun ba ka gama karanta ma'aunin ba. Idan ma'aunin zafinka ba ya nuna 0.01, to ko a daskarewa ma ba za ka bambance 1.87 da 2 ba. Ka fara auna tsantsar ruwa da wannan ma'aunin a wannan ranar, ka cire abin da ya nuna, sannan ka yi MgSO₄ a kauri biyu ko uku. Idan i yana hawa yayin da kake sirkawa, awonka daidai yake, ka rubuta 1.21 ɗinka ka ajiye teburin a gefensa.