Abin da sayar da hula ta waya ya koya mini

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim mata ne ke ɗinkin hula a cikin gida, ni kuma aikina in karɓa, in kai wanki, in nemo mata mai saye ta waya. Hula guda takan ci makonni a hannun mai ɗinki, don haka ina jin zafi in ga hoto ya zubar mata da daraja.

Babbar matsalar hoton hula ita ce launi. Mai saye yana da shaddarsa a ajiye, hular da za ta hau da ita yake nema. In ya ga ruwan toka a waya, aka kai masa mai ratsin shuɗi, to ciniki ya lalace, kuɗin mota zuwa da dawowa kuma a wuyanka. Sau da yawa laifin na haske ne. Ƙwan lantarki yana sa farin zare ya koma rawaya. Rumfar da aka rufe da shuɗiyar leda takan zuba wa kaya launinta. Fitilar waya tana shafe tudun ɗinki, aikin hannu ya fito sumul kamar na inji. Ranar tsaka kuwa ƙone launi take yi, ta bar baƙar inuwa a gefe.

Wurin da ya fi yi mini shi ne bakin zaure da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe guda amma rana ba ta taɓa hular ba. Nakan shimfiɗa farin ƙyalle, in ɗora hular a kan gungumen masu wanki don ta tsaya da siffarta. Farin yana da aiki biyu. Waya tana ƙiyasta launi ne daga abin da ya cika mata ido, in babu fari a wurin sai ta karkata. Sannan shi ne ma'aunina: in ƙyallen ya fito fari tas a allo, launin hular ma ya kusa daidai, in ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi sai in sauya wuri. Ɓangaren da ya yi duhu nakan jingina masa farin kwali ya mayar masa da haske.

Kafin komai a goge idon kyamara, musamman da hunturu, domin ƙura da maiƙon yatsa su ke sa hoto hazo. A kashe duk abin da ke ƙara wa hoto kwalliya. A taɓa hular a allo don kyamara ta tsaya a kanta, in farin zare yana ƙyalli a ɗan rage haske. Kada a jawo hoto da yatsu, a matsa da ƙafa, amma a bar kamar taƙi guda, in an wuce haka yawancin ƙananan wayoyi ba sa iya kama zare.

Hoto huɗu nake yi: gefe, sama, kusa da ɗinki, sai ciki. Na cikin nan shi masana hula suka fi tsayawa a kai, don a nan ake ganin bayan zare a gane aikin hannu. WhatsApp yana matse hoto har ɗinki ya dagule, saboda haka nakan danna HD kafin in tura.

Sai bayani. Wani Alhaji a Kaduna ya taɓa rubuto mini, "Malam, hular ta yi, amma za ta shige ni?" A wannan tambayar ciniki yake tsayawa, kuma wanda ya tambaya ɗaya ne cikin masu yawa da suka wuce shiru. Ga yadda nake rubutawa yanzu:

"Hular zanna, ɗinkin hannu. Zagaye inci 22 da rabi, tsayi inci 4. Ƙasa fara, zare ruwan toka da baƙi. An wanke an sa sitaci. Guda ɗaya ce. Naira 18,000. Ana aikawa ta motar tasha daga Kano, kuɗin mota na mai saye ne. A auna kai da tef ɗin tela, saman kunne, kafin a biya."

Ban yarda da ɓoye farashi a ce sai an turo saƙo an tambaya ba. Mai kuɗi a hannu ba ya son dogon zance, mai kunya kuma ba zai tambaya ba. Haka in akwai inda zare ya ɗan kauce, nakan ɗauke shi a hoto in faɗa, in sauke farashi kaɗan.

Abin da hoto ba zai iya ba shi ne daidaita allon wayar mai saye, kowace waya da yadda take nuna launi. Shi ya sa nake rubuta sunan launin a cikin bayanin. In mutum ya ce da wata shadda zai haɗa, nakan roƙe shi ya ɗauko hotonta a inuwa, da farar takarda a gefe, in gwada da hular a bakin zaure kafin ya turo ko sisi.