Kuɗin gida daban, kuɗin shago daban: abin da aikin lissafi ya koya mini

A aikin duba littattafan masu ƙananan shaguna, maganar da na fi ji ita ce: "Ciniki muna yi, amma ba ma ganin riba." Sau da yawa ribar tana nan. Ta fita ne ta durowar kuɗi zuwa gida, sannan aka rubuta ta a shafin da ba nata ba, ko kuma ba a rubuta ta ba sam.

Mai shago shi kaɗai ke da dukiyarsa, ba wanda zai hana shi ɗaukar kuɗin makarantar yara daga cinikin ranar. Inda gizo ke saƙar shi ne sunan da za a ba wa kuɗin a littafi. Kuɗin da aka kashe don shago ya samu ciniki, kamar haya, albashin yaron shago da kuɗin dakon kaya, shi ake cirewa kafin a san riba. Kuɗin da mai shago ya ɗiba don kansa da iyalinsa kuwa bai shafi lissafin riba ba ko kaɗan. Daga jari yake fita. Tambayar da nake yi a kan kowane rasidi guda ɗaya ce: da babu shagon nan, da an biya wannan kuɗin? Idan amsar eh ce, to ɗibar mai shago ne.

Bari in kawo misali da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. A wata ɗaya shago ya yi cinikin 900,000, kayan da aka sayar kuma an saro su a kan 680,000. Tazarar da ke tsakani 220,000 ce. Haya, albashi da dako sun ci 70,000, ribar watan ta tsaya a 150,000. A cikin watan nan mai shagon ya biya kuɗin makaranta, kuɗin asibiti da cefane daga durowa, jimilla 175,000. Idan aka zuba wannan cikin kuɗin da shago ya kashe, littafi zai ce an yi asarar 25,000. Idan aka raba, littafi zai ce an ci ribar 150,000, an ɗebi 175,000, jari ya ragu da 25,000.

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, tunda 25,000 ɗin ce ta fito ta kowace hanya. Adadin ɗaya ne, amma cutar da ake nunawa daban ce, maganin ma daban. Wanda ya ga "asara" zai fara tunanin ƙara farashi, ko sallamar yaron shago, ko ma rufe sana'ar ya koma wata. Duk wannan a kan shagon da lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ga lissafi na biyu ya san shago yana samarwa, gida ne ke ɗaukar fiye da abin da ake samu. Shi zai duba yadda zai rage ɗiba, ko ya riƙa ware kuɗin makaranta kaɗan-kaɗan kowane wata, maimakon ya kwashe shi lokaci guda a watan da ya kamata a yi sari.

Mafi muni shi ne ɗibar da ba a rubuta ba. Yawancin masu shago ba sa rubuta kowane ciniki, da dare suke ƙirga abin da ke durowa su kira shi cinikin rana. To duk abin da aka zara da rana ya ɓace daga ciniki ke nan. A misalin namu, cinikin watan zai bayyana 725,000 maimakon 900,000. Tazarar saye da sayarwa, wadda ta kamata ta kai kusan kashi 24 cikin ɗari na ciniki, za ta faɗi zuwa kusan kashi 6. Wannan ita ce alamar da nake fara dubawa: farashin sari bai tashi ba, farashin sayarwa bai sauka ba, amma tazarar ta zube. Kaya sun fita, kuɗinsu bai bayyana ba. Kuma abin takaici, wanda ake fara zargi shi ne yaron shago, alhali hannun maigidan ne ya fi shiga durowar.

Maganin wannan ba ya buƙatar akanta. Takarda ce ake ajiyewa a durowar, duk wanda ya zari kuɗi ya rubuta nawa ne da dalili kafin ya rufe, ko da mai shagon ne da kansa. Da dare sai a haɗa kuɗin da aka ƙirga da abin da aka kashe wa shago da abin da aka ɗiba, a cire canjin da aka buɗe da shi da safe. Abin da ya rage shi ne ainihin cinikin ranar. Masu rubutu a shafi biyu, wato masu rubuta kowane kuɗi a shafin da ya fita da shafin da ya shiga, suna da shafi na musamman na ɗibar mai shago: a rubuta adadin a can, a rage shi daga shafin tsabar kuɗi, a ƙarshen shekara kuma a cire jimillar daga jari.

Kayan da aka ɗauka daga kanta aka kai gida su ma ɗiba ne, kuma su aka fi mantawa da su saboda kuɗi bai motsa ba. A littafi ana rubuta su a farashin sari, a rage su daga kayan da aka saro, domin ba ciniki aka yi ba. Wasu hukumomin haraji suna neman a lissafa su a farashin kasuwa, don haka mai cike takardar haraji ya duba dokar ƙasarsa.

Sai kuɗaɗen da ke da ƙafa biyu, kamar wuta idan shago da gida mita ɗaya suke, ko waya, ko man abin hawa. A nan rabawa ake yi bisa ma'auni mai ma'ana, misali kashi ɗaya cikin uku na shago, sauran na gida, a rubuta dalilin rabon, kuma a tsaya a kansa. Mai sauya ma'auni duk wata don lissafi ya yi masa daɗi kansa yake yaudara. Jami'in haraji ma a nan yake tsayawa, domin ƙa'idar da aka saba ita ce kuɗin da aka kashe don sana'a kaɗai ake cirewa daga riba, kuɗin gida ba ya ciki.

Shawarar da nake ba kowa ita ce ya yanka wa kansa adadi tsayayye a mako ko a wata, ya fitar da shi a rana ɗaya zuwa aljihu ko asusun banki na daban, hidimar gida ta riƙa fita daga can. Mutane suna kiran wannan albashi, ba laifi a baki, amma a littafin mai sana'a shi kaɗai ɗiba ne, ba ya shiga layin albashin ma'aikata. Adadin kuma ya zauna ƙasa da matsakaiciyar ribar watannin baya, domin idan farashin sari ya tashi, daga ribar da aka bari za a cike giɓin mayar da kaya kan kanta.

Wanda littafinsa ya riga ya cakuɗe yana da hanyar gano inda yake. Ya ƙirga kayan shago a farashin sari, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake bin mutane, ya cire bashin da ake bin sa. Wannan shi ne jarinsa na yau. Bayan wata uku ya sake yin haka, yana rubuta duk ɗibar da ya yi a tsakani. Jarin ƙarshe, a cire na farko, a ƙara ɗiba, a cire duk sabon kuɗin da ya zuba daga waje: abin da ya fito shi ne ribar watannin ukun.