Tsakanin tu da vous: abin da aikin tafinta ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikin tafinta a ƙungiyar da da yawanku kuka san ni a cikinta a Maraɗi. Ƙannena da za su gaji kujerar sun nemi in bar musu wata shawara, kuma da na zauna na duba, sai na ga babu abin da ya fi ba ni wahala a aikin kamar kalmomin Faransanci biyu, tu da vous, da muka koya tun muna lakwal.

A aji an ce mana tu na yaro ne da aboki, vous kuma na babba da baƙo. Gaskiya ne, amma bai isa ba. Abin da za ka duba shi ne ko kalmar tana tafiya tana dawowa. Idan mutum biyu suna ce wa juna tu, akwai sabo. Idan suna ce wa juna vous, akwai mutunci da ɗan nisa, kuma nisan ba laifi ba ne, ana iya shekara da shekaru a buro ɗaya a haka. Inda matsala take shi ne ɗaya ya ce tu, ɗayan kuma ba shi da ikon mayar da ita. Tsakanin malami da ɗan makaranta wannan daidai ne. Tsakanin baligai biyu kuwa, Bafaranshe ya san ƙasƙanci ne. Shi ya sa dokar ɗa'ar 'yan sanda da jandarman Faransa, wadda ta fara aiki a 2014, ta wajabta musu vous idan suna magana da jama'a. Mu nan kuma tsofaffinmu ba su manta ba cewa a zamanin mulkin mallaka Bature kan ce wa dattijo mai furfura tu, shi kuma dattijon dole ya amsa da vous.

Shugabar da aka turo mana ta san duk wannan, harshen uwarta ne. Likitoci da baƙi daga Yamai suna samun vous. Direbobi, masu gadi da masu shara suna samun tu, kuma ko sau ɗaya ba ta ce musu su mayar mata ba. Al'adar ita ce babba, a shekaru ko a muƙami, shi ke buɗe ƙofa ya ce « On peut se tutoyer ? », wato mu riƙa ce wa juna tu, daga nan kowa ya samu. Ni ta ba ni wannan damar. Mai gadinmu, wanda ya haife ta a shekaru kuma ya yi aikin soja har ya yi ritaya, bai samu ba. Kullum da safe sai ta ce masa « Ouvre », shi kuma ya ce « Bonjour Madame, vous allez bien ? »

Abin ya kai maƙura ranar da muka je wani gari kan aikin awon yara. Mai gari yana zaune da dattawansa, shugabar ta dube shi ta ce: « Chef, tu dois rassembler les femmes demain matin. » Idan na bi kalma da kalma, cewa zan yi: mai gari, dole ka tara mata gobe da safe. A nan ne ya kamata sabon tafinta ya tsaya ya yi tunani, domin "ka" ɗin ba shi ne zai ɓata maganar ba. Sarki ma ana ce masa ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, kuma babu wanda ya ji raini. Abin da zai ɓata ta shi ne an yanke gaisuwa, an kira sarautarsa a tsaye ba addu'a, an kuma ba shi umarni a gaban mutanensa. Sai na rage tsawo na ce: ranka ya daɗe, tana gaisuwa, tana kuma neman alfarma idan da hali a sanar da mata su taru gobe da safe. Saƙon bai canza ba, lokaci da buƙata duk suna ciki.

Amma akwai ɗan mai garin a wurin, malamin makaranta ne, kuma ya ji tu ɗin da kunnensa. Da muka tashi ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mun gode da gyaran da ka yi, amma mun ji abin da aka faɗa." Washegari matan da suka fito ba su taka kara sun karya ba. A mota na gaya wa shugabar dalili cikin ladabi. Ba ta musa ba, ba ta kuma amsa ba. Da safe na shiga buro sai na ji « Monsieur, vous me déposerez votre rapport avant midi. » Ta mayar da ni vous, kuma a nan na zauna har yau. Ku riƙe wannan: vous da aka fara da ita girmamawa ce, wadda aka koma wa bayan tu kuwa rufe ƙofa ce. A rahoton wata aka rubuta cewa tafinta bai isar da saƙo yadda ya kamata ba. Har yanzu ban yarda da wannan layin ba, kuma ba na jin zan yarda.

Sau da yawa Turawa kan tambaye ni ko "ku" ita ce vous ta Hausa. Ta yi kusa, domin muna cewa sannunku ko kun tashi lafiya ga dattijo shi kaɗai, wasu gidajen ma har "Baba sun fita" ake cewa. Sai dai ba tilas ba ce, rashinta kuma ba zagi ba ne. A ganina abin da ya fi kama da vous a wurinmu shi ne ƙin kama suna gatsal. Malam, Alhaji, Hajiya, Yallaɓai, Yaya, Inna, su ne ke ɗaukar nauyin. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa na ɓoye sunan ɗan fari, suruki ba a kama sunansa. Kan haka sai a ƙara durƙusawa, tuɓe takalmi, da tsawon gaisuwa. Sabo kuma ana gane shi da kiran suna ko laƙabi, da irin tsokanar da ke tsakanin taubasai ko jika da kaka. Bambancin da ke rikita mu shi ne, a Hausa idan dattijo ya kira sunanka kai kuma ka ce masa Baba, rashin daidaiton nan zumunci ne. Don haka da yawanmu muke jin tu ta shugaba kamar jan mu a jiki ake yi, alhali a harshenta ba haka take nufi ba, in dai ba ta ba ka damar mayarwa ba.

Sauran darussan gajeru ne. Ka fara da vous ga duk baligin da ba ka sani ba, har sai an gayyace ka. Akwai tsaka-tsaki, wato sunan yanka tare da vous, kuma ya fi dacewa da sabon abokin aiki. A takardar aiki da za ta shiga hannun wasu, vous za ka rubuta ko da kuna tu a baki. Idan mutum ɗaya kake wa vous, sifa ba ta zama jam'i, « vous êtes fatigué » ne ba s a ƙarshe. Kafin a shiga gaban mai gari ko liman kuma, ka gaya wa wanda za ka yi wa tafinta cewa vous zai yi amfani da ita, ka kuma sanar da shi cewa da wuya a rasa mai jin Faransanci a cikin zauren.