Zakaran baƙo: inda na ɓata raha da yadda na gyara ta

Ƙannena masu rubuta gajerun wasannin barkwanci, zan ba ku labarin wani wasa na minti ɗaya da rabi da na lalata har sau uku kafin ya zauna.

Baƙo ya iso da zakaran da ya sayo a kasuwa, ya ɗaure shi a zaure. Maigida ya ɗaga murya ya ce, "A yanka wa baƙo zakara!" Baƙo ya ci ya ƙoshi yana ta yabon karamci, da ya fito zai tafi sai ya tarar da igiya kaɗai. Ƙarfin wasan yana cikin maganar maigida, domin a Hausa wanda aka yanka masa zakara yana iya zama wanda aka karrama, yana kuma iya zama wanda aka yi wa ɓarna.

A rubutun farko na cika shimfiɗa. Na sa an nuna zakaran sau uku, har baƙon yana faɗin kuɗinsa, saboda haka tun kafin a kawo akushi masu kallo sun riga sun gano ƙarshen, suka zauna suna jira. Sai na wuce gona da iri wajen gyara, na cire zakaran daga farko gaba ɗaya. Da aka nuna igiya, wani ya tambaya, "Wane zakara kuma?" A nan na fahimci cewa dole mai kallo ya ga abin sau ɗaya da idonsa, cikin daƙiƙa goma sha biyar na farko, amma a lokacin da hankalinsa yake kan doguwar gaisuwa.

Tsakiyar wasan, wajen minti ɗaya, aikinta ta ɗauke hankali ba tare da ƙarya ba. Na ba masu kallo wani abin dariya na daban su bi, wato haɗamar baƙon, yadda yake cewa ya ƙoshi alhali hannunsa na komawa cikin kwano, har suka ɗauka shi ne yake cutar maigida.

Kuskure na uku ya fi yi mini ciwo. Bayan an ga igiya na rubuta layi huɗu na bayani, maganar ta hau kan dariyar ta kashe ta. Yanzu baƙon yana duban igiya shiru na daƙiƙa uku, ya tambayi yaron gida, yaron ya ce, "Ai shi ka ci." A nan ake yankewa, kuma kalmar "ci" ce ta ƙarshe da kunne zai ji.

Kafin ku ɗauki wasa, ku karanta wa mutum biyar da ba su san shi ba, ku tsaya a tsakiya ku tambaye su abin da zai faru. Idan biyu sun canka daidai, ku rage shimfiɗa. Idan kuma kun kai ƙarshe suka nemi bayani, ku koma zaure ku sake nuna zakaran.