Ɗakin da ba a san da shi ba a gidan gado

Cikin mafarkan da ake kawo mini a aikin ba da shawara, akwai wanda yake yawan dawowa. Mutum yana cikin gidan da ya sani ciki da bai, galibi gidan da ya tashi, sai ya ga ƙofa a inda ya san bango ne. Ya tura, ya tarar da ɗaki, wani lokaci ma sashe guda. Ya tsaya yana cewa, ashe duk shekarun nan akwai wannan?

A ajin nazarin halayyar ɗan Adam, da Carl Jung, wani babban masani a fannin, aka fara mana wannan batu. A 1909, lokacin tafiyarsa Amurka tare da abokin aikinsa Sigmund Freud, ya yi mafarkin yana saman bene a wani gida da ya ji nasa ne. Ya sauko ƙasa ya tarar da gini ya fi tsufa, ya ƙara sauka ya ga bango irin na zamanin Rumawa, can ƙarƙashi kuma kogo da ƙoƙon kan mutum biyu. Freud ƙoƙon kan ya riƙe, yana neman wanda Jung ke yi wa fatan mutuwa a ɓoye. Shi kuwa Jung ya ɗauki gidan a matsayin hoton zuciyarsa, hawa-hawa, da sassan da bai taɓa leƙawa ba. Mafarki ɗaya, masana biyu, fassara biyu. Tun daga nan na riƙe cewa wannan fassara zato ce da ake gwadawa a kan mai mafarkin, ba hukunci ba.

Don haka ba na fassarawa, tambaya nake yi. Gidan wa ne, kuma shekarunka nawa lokacin da kake cikinsa? Ta ina ƙofar ta ɓullo? Me ke ciki? Da ka shiga, daɗi ka ji ko tsoro? Sannan me ya sauya a rayuwarka a 'yan watannin nan?

Wani magidanci, ma'aikacin lissafin kuɗi da ya kusa ritaya, ya zo da ƙorafin kasala da rashin jin daɗin komai. Ana cikin hira ya ambaci mafarkin da ke maimaita masa: gidan mahaifinsa, ƙofa tsakanin zaure da shigifa, ɗaki mai faɗi da haske, ƙura ta rufe komai. Wani abokinsa ya ce masa dukiya ce ke tafe, wata gwaggonsa ta ce ƙarin aure. Na ce, "Alhaji, me ka gani a ƙasa?" Ya ce tabarma da ƙananan kwalabe. Na tambaye shi wa ke zama a zauren nan da can. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ne, tun yana ɗan shekara goma sha biyar, yana yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana a allo. Kwalaben na tawada ne, ja da kore da rawaya. Ya ajiye alƙalami ranar da ya tafi makarantar kwana.

Ku lura, ba ni na haɗa ɗakin da zayyana ba. Shi ya haɗa, kuma muryarsa ta sauya da ya faɗa. Wannan ce alamar da nake jira. In na kawo ma'ana mutum ya ce "ƙila haka ne" don kara, to ba mu isa ko'ina ba. Abin da muka tsayar kaɗan ne: ya sayo allo ɗaya, ya ba shi awa guda ranar Asabar, mu ga ko hannun da sha'awar suna nan. Kasalarsa kuwa muka ci gaba da bibiyarta daban, domin allo ba magani ba ne.

Ba kowane irin wannan mafarki ke ɗauke da wannan ma'ana ba. Wanda ke gini, ko neman haya, ko rigimar rabon gado, in ya ga ƙarin ɗaki, yawanci abin da ya yini da shi ne ya bi shi barci. Hadisi ma ya kasa mafarki uku, cikinsu har da zancen zuci. Kuma ƙwaƙwalwa a barci ta saba ɗinka gidan kaka da makarantar firamare ta mai da su wuri ɗaya, ba tare da wani saƙo ba.

Wanda ya fi sa ni taka-tsantsan shi ne ɗaki mai duhu, wanda mutum ke tsoron buɗewa, ya farka da gumi da bugun zuciya, har ya fara gudun kwanciya. A nan ba na zancen baiwar da aka ajiye, ba na kuma matsa masa ya faɗi abin da ke ciki. Ina tambayar barcinsa, da cin abincinsa, da ko wani mugun abu ya taɓa samunsa a gidan. In abin ya kai makonni yana hana shi aiki, likitan ƙwaƙwalwa nake haɗa shi da shi.